Takardar shaida daga farfesa don sikolashif ɗin Chaina: tambayoyin da ake ta yi kan fassara ta zuwa Sinanci

Duk shekara idan aka shiga Disamba zuwa Maris wayata ba ta hutawa, saboda a wannan tsakanin ne yawancin jami'o'in Chaina ke karɓar takardun masu neman sikolashif, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne ake ta maimaitawa a kan takardar da malami ke rubuta wa ɗalibinsa. Na yi karatu a can, ina karanta Sinanci, kuma na duba fassarar irin waɗannan takardu na ƙanne da abokai da dama, shi ya sa na ga gara na tara amsoshin wuri guda. Na fi mayar da hankali kan sikolashif ɗin gwamnatin Chaina wanda hukumar CSC ke kula da shi, don shi mutanenmu suka fi nema.

Wai mece ce ma wannan takardar, kuma guda nawa ake so?

Wasiƙa ce da malamin da ya koyar da kai ko ya duba aikinka zai rubuta, ya ce ya san ka, ya ga ƙoƙarinka da idonsa, kuma ya tsaya maka cewa za ka iya karatun da kake nema. Da Sinanci sunanta 推荐信, ana furta shi kamar "tuijiyan shin", kuma yana da kyau ka haddace kamannin waɗannan haruffa uku don za ka riƙa ganinsu a shafin jami'a. Ga mai neman mastas ko digiri na uku, ƙa'idar CSC ita ce wasiƙu biyu, daga farfesa ko mataimakin farfesa, a rubuce da Sinanci ko da Turanci. Biyu daga mutum biyu daban, ba mutum ɗaya ya rubuta sau biyu ba.

Kar ka haɗa ta da takardar amincewa da wani malamin Chaina yake ba ka cewa zai karɓe ka a ƙarƙashinsa. Waccan daga can take fitowa, wannan kuma daga gida, kuma ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya.

Dole ne sai na fassara ta zuwa Sinanci?

Ga yawancin 'yan Najeriya da Gana amsar ita ce a'a, kuma ina so a ji wannan da kyau don mutane na zubar da kuɗi a banza. Ƙa'idar ta ce Sinanci ko Turanci, to idan farfesanka ya rubuta da Turanci ka riga ka cika sharaɗi, ka yi sikanin ka ɗora kawai. Wanda fassara ta zame wa dole shi ne wanda aka rubuta masa da wani harshe daban, misali ɗan'uwanmu da ya gama a Yamai ko Damagaram ko Maraɗi malaminsa ya rubuta da Faransanci, ko wanda ya yi karatu a Sudan ko Chadi aka rubuta masa da Larabci. Irin wannan sai ya haɗa da fassara zuwa Sinanci ko Turanci wadda notari, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardu, ya tabbatar.

Amma akwai lokacin da mai wasiƙar Turanci ma zai buƙaci ta Sinanci. Na farko idan ita jami'ar da kanta ta rubuta a sanarwarta cewa tana so, wanda an fi gani a kwasa-kwasan da ake koyarwa da Sinanci kamar adabinsu ko tarihinsu ko maganin gargajiyarsu. Na biyu idan malamin da kake so ya karɓe ka bai saki jiki da Turanci ba, shi ko ofishin jami'ar suka ce ka turo da fassara. Abin da zan ce shi ne ka karanta sanarwar jami'ar ta wannan shekarar, ba ta bara ba, idan abin bai fito maka fili ba ka aika imel zuwa ofishin ɗaliban ƙasashen waje ka tambaya a layi biyu. Amsar da suka ba ka ka adana ta.

To idan ba dole ba ne, ba zai ƙara min maki ba idan na fassara?

Fassara mai kyau tana sauƙaƙa wa mai karatu, ban musa ba, musamman idan takardunka sun bar ofishin ɗaliban waje sun tafi sashen da za ka yi karatu, inda malamai ne za su zauna su duba. Amma fassara mara kyau ta fi rashin fassara illa nesa ba kusa ba, saboda idan ta Sinanci na gabansu ita za su karanta, ba za su tsaya gwada ta da ta Turanci ba, duk kuskuren da ke ciki ya zama naka ke nan. Ni dai ra'ayina idan ba ka da wanda zai duba maka fassarar bayan an gama, ka bar ta da Turancinta. Duba tambayar yadda ake gane fassara ta lalace a ƙasa kafin ka yanke shawara.

Malamina babban lakcara ne ba farfesa ba, za a iya rubuta shi a matsayin farfesa a fassarar?

Kul. Wannan ba fassara ba ce, ƙarya ce, kuma tana da sauƙin kamawa don wasiƙar asali na nan maƙale a jikinta, sunan malamin kuma yana shafin jami'arku da muƙaminsa. A tsarin Chaina matakan da ya kamata ka sani uku ne: 教授 shi ne cikakken farfesa, 副教授 mataimakin farfesa, 讲师 kuma lakcara. Biyun farko su ake nema. Babban lakcara ana rubuta shi 高级讲师, kuma duk ma'aikacin da ya ga haruffa biyun ƙarshe zai ɗauke shi a lakcara, wanda gaskiya ne.

Na san inda matsalar take, sau da yawa wanda ya san ka da gaske, wanda kuka sha wahalar firojet tare, dakta ne da bai kai farfesa ba, shi kuma farfesan sashen ko sunanka bai riƙe ba. Hanyar da na ga tana aiki ita ce ka je wajen wanda ya san ka ɗin ka faɗa masa ƙa'idar, ka roƙe shi ya haɗa ka da farfesa ya yi masa bayanin aikinka, sannan kai ma ka je da kanka da tiranskirif ɗinka da kwafin firojet ɗin, ka ce "ranka ya daɗe ga abin da nake nema, ga aikin da na yi a ƙarƙashin Dakta". Farfesan zai iya rubuta gaskiya cewa ya karanta aikin kuma ya tattauna da wanda ya duba shi. Idan akwai gurbin ƙarin takardu sai ka sa ta daktan a matsayin ta uku.

Malamina a takarda an rubuta masa Reader, shi kuma ina ya faɗa?

Nan ne na fi ganin ana yi wa mutane ɓarna ba su sani ba. A jami'o'in Najeriya da dama muƙamin Reader daidai yake da mataimakin farfesa, wato ya cika sharaɗi tsaf, kuma fassararsa 副教授 ce. Amma mai fassarar da bai san tsarin jami'a ba zai iya ɗaukar kalmar a ma'anarta ta yau da kullum ya rubuta 读者, wato mai karanta littafi ko jarida. Na taɓa ganin wannan da idona a takardar wani ƙaninmu, an yi mata hatimi ja mai kyau har an yi sikanin, a ƙasan sunan malamin da ya shekara fiye da ashirin yana koyarwa an rubuta cewa shi "mai karatu" ne. Da ba don ya turo min da daddare ya ce yaya ɗan duba min ba, da haka za ta tafi. Sai da aka sake ta, aka sake biyan kuɗin notari.

Maganin abin tun daga tushe ne. Ka roƙi malamin, idan jami'arku na ɗaukar muƙaman biyu daidai, ya rubuta Reader tare da Associate Professor a ƙasan sa hannunsa, sai mai fassara ya rasa hanyar kuskure.

'Yan'uwa na Nijar da Chadi da Kamaru su ma suna da tasu irin wannan. A tsarin CAMES, hukumar da ke tantance muƙaman malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, Professeur titulaire shi ne cikakken farfesa, Maître de conférences shi ne daidai da mataimakin farfesa, Maître-assistant kuma yana ƙasa da haka. Masu fassara kan mayar da Maître de conférences lakcara, sai a sauke malaminka daga matakin da ya cancanta zuwa wanda bai cika sharaɗi ba. Ka nuna wa mai fassarar wannan wuri da yatsa tun kafin ya fara.

Wa ya kamata ya yi fassarar? Abokina yana karatu a can kuma ya iya Sinanci.

Ya danganta da dalilin fassarar. Idan ta dole ce, wato wasiƙar da Faransanci ko Larabci take, to kana buƙatar mai fassara da aka sani a hukumance wanda zai sa sunansa da hatiminsa, sannan notari ya tabbatar. Kuma ka tuna kana da zaɓi, fassara zuwa Turanci ma ta wadatar a ƙa'idar CSC, kuma samun ƙwararren mai fassara Faransanci zuwa Turanci a Yamai ya fi samun na Sinanci sauƙi sosai, kai ma kuma za ka iya ɗan duba abin da ya rubuta. Sai dai in jami'ar ce ta ce lallai Sinanci.

Idan kuma jami'a ta nemi Sinanci, kamfanonin fassara na can Chaina suna yin wannan aiki kullum, ana tura musu sikanin su dawo da fassara ɗauke da hatimin fassara na kamfanin, wanda ake kira 翻译专用章, kuma ofisoshin can sun saba da shi. Abokinka da ke can amfaninsa biyu ne, ya nemo maka kamfanin, sannan ya karanta abin da suka yi. Amma shi kansa ya fassara, gaskiya ban cika so ba sai in ya yi zurfi sosai. Mutum zai iya cin jarrabawar ƙwarewa a Sinanci ta HSK mataki na 4 ko na 5, yana ciniki a kasuwar Guangzhou kamar ɗan gari, amma bai taɓa rubuta wasiƙar ofis ba, kuma Sinancin kasuwa daban na takarda daban, kamar dai bambancin hirar majalisa da takardar kotu. A Najeriya akwai Cibiyar Confucius a Jami'ar Legas da kuma Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka, kana iya tambaya a can ko sun san wanda ya ƙware.

Kai kanka kuwa, ko da ka iya Sinanci, kar ka fassara wasiƙar da ke yabonka da hannunka.

Farfesa zai sa hannu a kan ta Sinancin ma?

A'a, kuma bai kamata ka nema ba. Mutum ba ya sa hannu a abin da bai iya karantawa ba. Sa hannun farfesa yana kan wasiƙar asali, wanda ke ɗaukar alhakin fassarar shi ne mai fassarar, shi zai sa hannu da hatimi a kanta. A wurin da sa hannun farfesa yake, mai fassara zai rubuta kalmar da ke nufin "sa hannu" ne kawai a cikin baka, haka ma wurin hatimi.

Abin da wasu ke yi na yanko hoton sa hannun malami su manna a kan shafin Sinanci, ko su buga fassarar a kan takarda mai tambarin jami'a kamar daga ofishinsa ta fito, jabu ne ko da kuwa babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki. Idan ofishin ya aika wa farfesan imel da wannan shafi ya ce kai ka sa hannu a nan, me zai ce?

Mai fassara zai iya ɗan gyara wasiƙar ta ƙara armashi? Farfesan layi biyar kawai ya rubuta.

Gyaran siffa daban, ƙarin magana daban. Wasiƙar Sinanci tana da tsarinta, taken wasiƙar a tsakiyar shafi, gaisuwar girmamawa da ke farawa da 尊敬的, rufewa da 此致 sannan 敬礼 a layi na gaba, suna da kwanan wata a ƙasa ta hannun dama. Idan mai fassara ya mayar da gaisuwar buɗewa da ta rufewa zuwa waɗannan, aikinsa ya yi. Amma ya ƙara cewa kai ne ɗalibin da ya fi kowa a shekara goma alhali farfesa bai faɗa ba, wannan ya fita daga fassara.

Idan wasiƙar ta yi gajarta, wajen farfesa za ka koma ba wajen mai fassara ba. Malamanmu aiki ya yi musu yawa, sau da yawa abin da ke hana su rubuta mai tsawo rashin abin rubutawa ne a gabansu. Kai masa shafi ɗaya da ke ɗauke da kwas ɗin da ya koyar da kai da shekarar da makin da ka ci, taken firojet ɗinka, abin da ka gano a ciki, da sunan kwas da jami'ar da kake nema. Idan ya ce maka je ka rubuto in duba, wanda ya zama ruwan dare, to ka rubuta abin da ya faru da gaske kawai, ka bar shi ya gyara, kuma don Allah kar ka rubuta wa malaman biyu abu iri ɗaya. A Turanci ka iya ɗan sauya kalmomi ka ga kamar sun bambanta, amma idan mutum ɗaya ya fassara su sai su fito kusan kwafin juna.

Za ka iya nuna mana misali, wurin da ake samun kuskure a cikin wasiƙa guda?

Mu ƙaddara wata ƙanwarmu ce ta gama digirin farko a fannin noma tana neman mastas. Malaminta ya rubuta cewa shi dakta ne kuma Reader, ya duba firojet ɗinta na shekarar ƙarshe a kan adana wake, ta fita da maki 4.31, digiri mai daraja ta biyu babba, ita ce ta uku cikin ɗalibai 62, kuma yana tsaya mata ba tare da wata tantama ba. Kwanan wata 03/02/2025. Wasiƙa mai kyau ce, gajera, komai a fili. Ga wuraren da za ta iya karyewa.

Dakta a Sinanci kalma biyu ce, 博士 ga mai digiri na uku, 医生 ga likitan asibiti, kuma na sha ganin an mayar da malamin jami'a likita. Firojet idan aka fassara kai tsaye zai fito 项目, wanda ke nufin wani aiki kamar na kwangila ko na kamfani, alhali abin da ta yi shi ne 毕业论文, kundin kammala digiri, kuma wannan bambanci babba ne don shi ke nuna ta taɓa yin bincike da kanta. Maki 4.31 shi kaɗai yana rikita mai karatu saboda jami'o'i da yawa a can da ma'aunin 4 ko na 100 suka saba, to dole a ga cewa a kan 5.0 ne, amma kuma mai fassara ba shi da ikon ƙarawa idan babu a asali, shi ya sa za ta roƙi malamin ya rubuta 4.31/5.0 tun farko. Daraja ta biyu babba mu mun san abin alfahari ne, amma a kunnen wanda bai san tsarin Birtaniya ba "ta biyu" kawai zai ji, abin da ke ceton ta shi ne jimlar nan ta uku cikin 62, don matsayi a aji abu ne da malaman Chaina ke ganewa nan take kuma suke ba shi nauyi. Idan malaminka ya san matsayinka kuma mai kyau ne, ka roƙe shi ya sa.

Sai kwanan wata. Su daga shekara suke farawa, sai wata, sai rana, to 3 ga Fabrairu 2025 zai zama 2025年2月3日. Mai fassarar da ya saba da tsarin Amurka zai karanta 03/02 a matsayin 2 ga Maris, sai fassara ta saɓa wa asali, wani lokacin ma har ranar ta faɗa bayan ranar da aka rufe karɓar takardu. Gara malamin ya rubuta sunan watan da harafi.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi ba ni takaici don ƙarami ne amma yana nuna sakaci. "Shi" da "ita" a Sinanci furucinsu ɗaya ne, duka "ta", rubutun ne ya bambanta, 他 na namiji 她 na mace. Mai fassara ɗan Chaina ba zai gane daga suna ba ko Hauwa mace ce ko Sani namiji ne, kuma wajen bugawa hannu na iya zamewa. Sai ka ga sakin layi na farko ita ce, na uku ta koma shi, mai karatu ya fara tunanin ko wasiƙar wani aka kwafo.

Sunana fa, a mayar da shi haruffan Sinanci?

A bar shi da haruffan boko daidai yadda yake a fasfo, harafi da harafi, da jerin yadda suka zo. Ofishin da sunan fasfo yake haɗa takardunka, shi ne a fom ɗin CSC, shi zai fito a takardar shiga jami'a da ta neman biza. Idan mai fassara ya ga dama ya sa na Sinanci a gefe ba laifi, amma kar ya maye gurbin na fasfo, saboda suna ɗaya ana iya rubuta shi da haruffa daban-daban, kuma idan Muhammad uku suka nemi jami'a ɗaya duk za su iya fitowa 穆罕默德.

Matsalarmu ta gida ma ta fi wannan. A makaranta ana kiranka Mohammed, a fasfo Muhammad, malam kuma ya rubuta Moh'd. Ko a fasfo Abubakar, a wasiƙa Abu ko Garba. Ka kai wa malamin kwafin shafin fasfo ɗinka ya kwafa daga ciki. Sunan malamin da na jami'arku su ma a bar su da boko a cikin fassarar, don idan suna son bincike da wannan rubutun za su nemo su.

Ban iya Sinanci ba, ta yaya zan gane fassarar ta lalace?

Akwai abubuwan da za ka iya dubawa da idonka ko harafi ɗaya ba ka sani ba. Ajiye shafukan biyu gefe da gefe. Lambobi iri ɗaya ne da namu, to ka bi su ɗaya bayan ɗaya, maki, shekaru, matsayi a aji, lambar waya, imel. Ƙirga sakin layi, idan asali huɗu ne fassara ma huɗu. Nemo haruffan muƙami da na kawo a sama ka ga ko su ne a kusa da sunan malamin, ka duba 他 da 她 tun daga sama har ƙasa. Kar ka tsorata idan ka ga ta Sinancin ta fi gajarta a ido, haka rubutunsu yake, cikakken shafin Turanci kan koma kamar rabin shafi ko fiye kaɗan. Abin tsoro shi ne ta fi asali tsawo, alamar an yi ƙari ke nan, sai ka koma tambayar ƙara armashi.

Bayan haka ka ba wani mutum daban, wanda bai ga ta asali ba, ya karanta maka ta Sinancin ya faɗa maka da baki abin da ta ce, kai kuma kana riƙe da asalin kana bi. Minti goma ne, ta waya ma ana yi. Ka kuma tambaye shi ko da sauƙaƙan haruffa aka rubuta, don su ake amfani da su a babban yankin Chaina, haruffan gargajiya na Taiwan da Hong Kong ne. Duk wannan a yi shi kafin a je wajen notari, don notari a wajenmu sa hannun mai fassara da rantsuwarsa yake tabbatarwa, ba Sinancin yake karantawa ba.

Yaya zan haɗa su wajen ɗorawa?

Kowace wasiƙa da fassararta a fayil ɗin PDF guda, asali a gaba, fassara a baya, sai shafin notari idan akwai. Kar ka taɓa ɗora fassara ita kaɗai. A yi sikanin mai kala da na'ura, ba hoton waya a kan tabarma da inuwar hannu ba, saboda a can hatimi abu ne mai nauyi ƙwarai, jan hatimin ofis ya fi sa hannu ƙarfi a wajensu, to idan sashenku na da sitam ka roƙa a buga a kan wasiƙar kuma ya fito sarai. Ka duba iyakar girman fayil da shafin ya gindaya kafin ka matse shi har rubutu ya dushe.

Takardun asali ka adana su a leda ka tafi da su, don wasu jami'o'i na neman ganinsu ranar rajista.

Wasiƙa ɗaya za ta yi min jami'o'i da yawa? Ta bara fa?

Idan malamin ya rubuta sunan wata jami'a a ciki, to tata ce ita kaɗai, kuma mai fassara ba zai canja sunan a ta Sinanci ba alhali asali na faɗin wani abu daban. Idan kana neman fiye da ɗaya, ka roƙi malam ya fuskantar da ita ga kwamitin ɗaukar ɗalibai ba tare da sunan jami'a ba, ya ambaci fannin da matakin digirin kawai, sai fassara ɗaya ta ishe ka. Ta bara kuwa gara a sabunta, wasu jami'o'i suna rubuta cewa sabuwa suke so, kuma duk lokacin da aka canja ko da kwanan wata ne a asali, fassarar ma sai an sake ta.

Suna tuntuɓar farfesan da gaske?

Ba kullum ba, amma suna iya yi, shi ya sa ake son lambar waya da imel a jikin wasiƙar. Imel ɗin jami'a ya fi na kyauta ƙima, sai dai wasu malamanmu ba sa buɗe na jami'ar sam, to a sa duka biyun, lambar waya kuma da lambar ƙasa a gaba, +234 ga Najeriya, +227 ga Nijar. Ranar da ka ɗora takardu ka sanar da malam sunayen jami'o'in da ka nema, ka ce masa saƙo na iya zuwa da sunan mai aikowa cikin haruffan Sinanci kuma yana iya faɗawa cikin tarkacen saƙonni, ya riƙa leƙawa. Ka kuma ba shi kwafin fassarar ya ajiye tare da tasa.

Yaushe zan fara?

Ka ƙirga baya daga ranar rufewa. Ba malam aƙalla sati uku zuwa huɗu, fassara da dubawa da gyara sati ɗaya, notari kwana biyu ko uku, sannan ka bar sati ɗaya na ko-ta-kwana. Abin da mutane ke mantawa shi ne bikin sabuwar shekarar Chaina, wanda ke faɗawa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, dab da lokacin da ake rububin takardu. Kamfanonin fassara na rufewa kamar sati guda ko fiye, jami'o'i kuma suna hutun hunturu na makonni, imel ɗinka zai iya kwana da kwanaki ba amsa. Idan jami'arka na rufewa a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, ka je wajen malam tun Nuwamba, tambayar ko suna son fassara kuma ka aika ta kafin tsakiyar Janairu.